Ramin sokawe mita biyu: ina za a zuba ƙasar?

Tambaya: Za mu haƙa ramin sokawe, zurfinsa mita biyu, faɗinsa mita ɗaya. Leburori sun ce ƙasar wurin tana da tauri, ba sai an tokare bango ba. Shin haka ne?

Amsa: Malam, kada ka yarda da wannan magana. Da zarar rami ya kai mita ɗaya da rabi, tokare bangonsa ya zama dole, domin ƙasa mai tsawo, faɗi da zurfi mita ɗaya-ɗaya takan wuce tan ɗaya da rabi. Ko iya ƙirji ta binne mutum, numfashi ya gagare shi. Taurin rani kuma yaudara ne, ruwan sama ɗaya ya isa ya sassauta ta.

A jera katako masu kauri a tsaye jikin kowane bango biyu masu fuskantar juna, a gitta dogaye a kansu, sannan a tokare da gajeru daga wannan bango zuwa wancan. Ana fara tokarewa daga sama a yi ƙasa, cirewa kuwa daga ƙasa a yo sama.

Ƙasar da aka haƙo a zuba ta aƙalla mita ɗaya daga bakin rami, haka bulo da buhunan siminti. Tifa kam ta tsaya can nesa, nauyinta da girgizarta suna rufta bango. Kowace safiya a duba bakin ramin. In an ga tsagewa, ko ƙasa tana zubowa, kowa ya fito ta tsani.