Kuɗin bidiyo ya taso daga Google, bai iso Zariya ba: amsoshin tambayoyinku

Tambaya daga Tudun Wada: Assalamu alaikum. Ina da tashar koyar da gyaran waya a YouTube. AdSense ya nuna an turo min dala 130 ran 21 ga wata, yau kwana goma ke nan ban ga alat ba. Lambar asusuna na naira na sa. Na je banki sau biyu suna cewa ba su ga komai ba. Akwai wani da ya ce in riƙa turawa ta asusunsa yana cire kashi 10 cikin 100. In karɓi tayinsa, ko in buɗe asusun dala?

Wa alaikumus salam. Malam, ka buɗe asusun dala da sunanka. Amma kafin nan bari mu bi sawun wannan dala 130 ɗin, domin ba mu ga alamar ta ɓata ba tukuna.

Google na tura kuɗin talla ne ta tsarinta na biya, wato AdSense, tsakanin ran 21 da 26 ga wata, kuma hanyar da ake biyan 'yan Najeriya ita ce turawa daga banki zuwa banki ta SWIFT. Su da kansu sun ce irin wannan turawa tana iya ɗaukar har kwanakin aiki 15. Kwanakin aiki fa, ban da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Kwana goman da ka ƙirga bai wuce kwanakin aiki bakwai ko takwas ba, ka ga ke nan da sauran lokaci. Abin da ke jawo jinkirin shi ne kuɗin ba kai tsaye yake faɗowa reshenku na PZ ko Sabon Gari ba. Dala tana bi ta wani bankin tsakani a waje, wanda bankinku ke ajiya a wurinsa, daga nan saƙo ya je hedikwatar bankinku, a can ne wani sashe zai duba ya zuba maka. Ma'aikaciyar da ke kan kanta a Zariya, in ta buɗe asusunka ta ce ba ta ga komai ba, gaskiya ta faɗa. Allonta ba ya nuna abin da ke jiran tantancewa a hedikwata.

Don haka kada ka koma hannu rabbana. Shiga AdSense, ka taɓa Payments, sannan View transactions, ka buɗe layin biyan da aka yi ran 21. Rasit zai fito da adadin kuɗin, da ranar, da sunan kamfanin Google da ya tura, da lambar biyan. Ka buga shi a takarda. A banki ka wuce masu karɓar kuɗi, ka nufi teburin kula da abokan hulɗa, ka ce a haɗa ka da mai kula da kuɗin da ke shigowa daga ƙasashen waje. Ka roƙe shi ya aika wa hedikwata imel da wannan rasit ɗin kana zaune, kuma ya ba ka lambar ƙorafi. In sun tambayi dalilin kuɗin, ka faɗa musu a fili: kuɗin talla ne na bidiyon da kake sakawa a YouTube. Sau da yawa amsar wannan tambaya kaɗai ake jira a saki kuɗi, mai shi kuwa bai ma san ana jiransa ba.

Yanzu ga inda muka fi zargin matsalar take: asusun naira. Dala aka turo, asusunka kuma naira yake ɗauka. A nan bankuna sun bambanta. Wani zai canza maka a farashin da shi ya ga dama ya zuba naira, wani zai riƙe sai ka zo ka yi bayani, wani kuma zai mayar da kuɗin inda ya fito. In an mayar, za ka gane: kuɗin zai koma cikin lissafinka na AdSense, jan rubutu ya fito cewa an dakatar da biyanka sai ka gyara bayanan banki. Kuɗin bai salwanta ba, sai dai ka jira zagayen wata mai zuwa. Ka kula, duk gyaran da za ka yi ya zama ka gama shi kafin ran 20 ga wata, in ba haka ba wannan zagayen ma ya wuce ka.

Abu na biyu da ke dawo da kuɗin mutanenmu shi ne suna, kuma wannan ya fi damun mu Hausawa. Mutum ɗaya ne, a katin ɗan ƙasa Muhammad Sani Abdullahi, a banki Mohammed S. Abdullahi, a AdSense kuma ya rubuta sunan tasharsa. Na'urar banki ba ta san duk kai ne ba. Gurbin da aka rubuta Name on bank account, abin da ke kan takardar bayanin asusunka za ka kwafa harafi da harafi, da jerin sunayen yadda banki ya jera su. Gurbin SWIFT BIC kuma haruffa 8 ne ko 11, na biyar da na shida su ne NG, wato Najeriya. Misali na Zenith ZEIBNGLA ne, na GTBank kuma GTBINGLA. Kada ka ɗauko naka daga bakin aboki. Ka ce banki su ba ka takardar bayanan karɓar dala, a ciki za ka ga lambar SWIFT ɗinsu da sunan bankin tsakaninsu. Lambar asusu kuwa ita ce mai lamba 10 ta asusun dalar, Najeriya ba ta amfani da IBAN, wato tsarin lambar asusu da wasu ƙasashe ke amfani da shi.

Buɗe asusun dala bai kai wahalar da ake faɗa ba. Za a nemi BVN da NIN, da katin shaida, da hotunan fasfo, da takardar wuta ko wata shaidar adireshi. Inda mutane ke tsayawa shi ne masu tsaya wa mutum, domin bankuna da dama na neman mutum biyu masu asusun karent su cike fom. Wasu bankunan suna da ƙaramin asusun dala da ba ya buƙatar masu tsayawa, amma yana zuwa da iyakar abin da zai iya ɗauka. Kafin ka sa hannu ka yi tambaya uku: shin asusun yana karɓar kuɗi daga waje ta SWIFT daga kamfani, nawa suke cirewa a kowace shigowa, kuma in kana son tsabar dala a reshen Zariya kwana nawa za ka sanar kafin a tanadar maka. Ta ukun tana da muhimmanci, don ba kullum reshe ke da dala a ƙasa ba.

Shi kuwa mai kashi 10 ɗin, yi lissafi da kanka. Yau dala 13 zai ci a cikin 130, abin bai yi zafi ba. Ranar da Allah ya buɗa tashar ta kawo dala 500, hamsin zai ɗauka a aikin da bai ƙaru da komai ba, alhali yawancin cajin hanyar banki tsayayye ne, ba ya bin girman kuɗi. Sannan kuɗin da ya shiga asusun wani, a idon banki nasa ne. In ma cewa ya yi ka ɗaura tasharka a kan AdSense ɗinsa, wannan ya fi muni: ranar da Google ta rufe masa asusu saboda laifin wata tashar da ba ka ma san ta ba, guminka yana ciki.

Game da manhajojin da ke ba mutum lambar asusun Amurka ta waya, suna da amfani wajen karɓar kuɗin tallan da wani kamfani ya ba ka kai tsaye. Amma yawancinsu an gina su ne don turawar cikin gida ta Amurka, fom ɗin AdSense na Najeriya kuwa SWIFT yake nema. Sai ka tabbatar a rubuce cewa suna karɓar irin wannan da sunanka kafin ka gwada. Kuma kada ka buɗe AdSense da adireshin wata ƙasa don samun sauƙi. Ba a canza ƙasar asusu bayan an buɗe, kuma ranar tantancewa katin shaidarka na Najeriya ne.

Tambaya daga Samaru: Ni ɗaliba ce, ina bidiyon girki. YouTube Studio ya nuna min dala 200, abin da ya shigo asusuna bai kai 140 ba. Banki ne ya cinye?

Malama, da wuya a ce duk banki ne. Ki ajiye lambobi uku a gabanki: wadda Studio ya nuna, wadda ke kan rasit ɗin AdSense, da wadda ta shigo asusunki. Ta Studio kintace ce, sai tsakanin ran 7 da 12 ga wata mai bi ake tabbatar da ita, kuma takan ɗan ragu in an cire kallon bogi. Giɓin da ke tsakanin rasit da alat shi ne rabon bankuna. In kuwa babban giɓin tun kafin rasit yake, to harajin Amurka ne, kuma adadinki ya yi kama da hakan.

Wanda bai cike bayanan harajin Amurka ba, Google na iya cire masa har kashi 24 cikin 100 na duk abin da ya samu, ko daga ina masu kallonsa suke. A dala 200, dala 48 ke nan, saura 152, bankuna su taɓa nasu, ga ki a ƙasa da 140. In kin cike fom ɗin harajin, wato W-8BEN, cirewar za ta tsaya ne kan kuɗin da masu kallo daga Amurka suka kawo kawai. Kashi 30 ne, saboda babu yarjejeniyar haraji tsakanin Najeriya da Amurka. A ce cikin 200 ɗin nan dala 20 ce daga Amurka, tunda masu kallon girkin Hausa galibi suna Najeriya da Nijar, dala 6 za a cire maimakon 48. Ki shiga Payments, sannan Manage settings, ki nemi United States tax info. Ki zaɓi cewa ke mutum ce ba kamfani ba, kuma ba 'yar Amurka ba. Fom ɗin yana ƙarewa bayan cikar shekara uku, sai a sabunta.

Rabon bankuna kuma akwai dabarar rage shi. A ce dala 15 ake cirewa duk shigowa. A cikin 110 ta kusa kashi 14, a cikin 440 kuwa ba ta kai kashi 4 ba. AdSense ya yarda ki ɗaga mafi ƙarancin biya daga dala 100 zuwa adadin da kike so, ko ki dakatar da biya har zuwa shekara guda. In ba kuɗin cefane kike jira da shi ba, ki bari ya taru ki karɓa sau uku a shekara.

Tambaya daga cikin Birni: Gidanmu ba shi da lamba. Wata biyu ke nan ina jiran takardar PIN.

Ɗan'uwa, ka hanzarta, don wata huɗu ake bayarwa daga ranar da AdSense ya fitar da PIN na farko na tantance adireshinka, in ya wuce sai a tsayar da talla a bidiyonka. Takardar ta gidan waya take zuwa, ɗauke da lamba 6, kuma ɗan aike ba zai shiga lungu yana tambayar gidan wane ba. Ka je gidan waya da katin shaidarka su duba, ka bar musu lambar wayarka. In babu, ka gyara adireshin zuwa inda wasiƙa ke isa da gaske, kamar shago a bakin titi ko akwatin gidan waya na wanda ka amince da shi, sannan ka nemi sabuwa a AdSense. Kada ka yi canke, kuskure uku yana rufe gurbin. In ka ƙare damar neman sabuwa ba ko ɗaya da ta iso, za a buɗe maka fom ɗin tura hoton katin shaida ko takardar da ke ɗauke da sunanka da adireshinka, don haka ka tanadi wadda rubutunta ya dace da abin da ka sa a asusun.