Ziro na ɓangaren dama: me ya sa boltej ke sauka kafin ya hau?

Tambaya: Malam, na haɗa bust kwanbata mai ɗaga 12 V zuwa 24 V. In na ƙara diyuti, boltej sai ya fara sauka kafin ya hau. In na ƙara wa kwantirola gen don ya yi sauri, sai ya kama kaɗawa. An ce ziro na ɓangaren dama ne. Mene ne shi, kuma ana iya kawar da shi?

Amsa: Ɗan'uwa, haɗinka lafiya lau. Abin da ka gani halin na'urar ne, kuma gara ka gane shi daga cikin da'irar kafin mu taɓa lissafi.

A ce lodinka om 12 ne, wato yana jan 2 A, diyuti D kuma 0.5. Indakta na ɗauke da 4 A, amma karant ɗin ba ya isa ga lodi sai lokacin da makunni ya buɗe, dayod ya wuce da shi. Rabin lokaci ke nan, 2 A daidai. To, ka ɗaga D zuwa 0.55. Karant na indakta ba ya tsalle, a hankali yake hawa, don haka a farko yana nan a 4 A, alhali rabon dayod ya ragu zuwa 0.45. Abin da ke isa ya koma 1.8 A, lodi kuwa na neman 2 A. Kafasita ce ke cike giɓin, boltej ɗinta ya sauka. Sai karant na indakta ya taru sannan boltej ya juyo ya nufi 26.7 V. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.

A lissafi, wannan yana fitowa ne a matsayin (1 − s/z) a saman G(s), wato alaƙar diyuti da boltej na fita. Wannan z shi ne ziron, kuma ya fi sifili, shi ya sa ake ce masa na ɓangaren dama. Muddin karant na indakta ba ya yankewa:

```
z = R(1 − D)² / L
```

In L = 100 µH, z ya zama 30,000 rad/s, kusan 4.8 kHz.

Ga inda nake so ka natsu. Tunda G(z) = 0, duk siginar da ka ba na'urar, in dai komai bai fita daga iyaka ba, Y(z) ma sifili ne, inda y shi ne canjin boltej na fita daga inda ya fara:

```
∫ y(t)·e^(−zt) dt = 0,  t = 0 → ∞
```

Shi e^(−zt) kullum yana sama da sifili. In y zai ƙare a sama, tilas ya yi wani lokaci a ƙasa, jimla ta fito sifili. Kuma kwantirola bai shigo cikin wannan hujja ba ko kaɗan, don haka babu wanda zai tsallake ta. Abin bai tsaya nan ba: e^(−zt) na ba lokutan farko nauyi fiye da na baya, saboda haka duk saurin da ka matsa wa y ya kai inda ake so, ramin farko sai ya ƙara zurfi. In ya daidaita cikin lokaci T, zurfin ramin, idan aka gwada da tsawon matakin, ba zai gaza kimanin 1/(e^(zT) − 1) ba. A na'urarka, T = 100 µs na ba da kashi 5 cikin ɗari, T = 33 µs kuwa kashi 59.

Kaɗawar ma daga nan take. Wannan ziro na ɗaga gen kamar kowane ziro, amma maimakon ya ƙara maka fes, cinye shi yake yi: digiri 11 a z/5, digiri 27 a z/2, digiri 45 a kan z. Kwantirola mai gaggawa ya ga boltej ya sauka, ya ƙara diyuti, boltej ya ƙara sauka. Shi ya sa ake cewa kada bandiwid ya wuce z/2, masu haɗa kwanbata kuma sukan tsaya tsakanin z/5 da z/3. A gare ka, 1 kHz zuwa 1.6 kHz. Amma ka yi lissafin a yanayi mafi tsanani, domin z ba ya zama wuri ɗaya: batir ya sauka zuwa 9 V, D ya koma 0.625, ziro ya gangaro kusan 2.7 kHz. Na'urar da ta natsu a 12 V ta kama rawa a 9 V ko a lodi mai nauyi, wannan ziro za ka fara zargi.

Kada ka kuskura ka soke shi da fol a cikin kwantirola. Wannan fol ɗin ma a dama yake, kuma ko sokewar ta yi daidai a takarda, siginar diyuti za ta yi ta girma har ta kai maƙura. Madaukin karant ma ba ya cire shi, sauƙaƙa sauran aikin kawai yake yi. Mafita tana jikin na'urar: ka rage L zuwa 47 µH, ziro ya matsa sama da 10 kHz a 12 V, ka karɓi ƙarin rawar karant a indakta. In kuwa ramin boltej lokacin da lodi ya canza ne damuwarka, ƙara kafasita, ka bar gen yadda yake.