Sanarwar Rufe Shago Saboda Gyara

“Ina sayar da masa a Wunti, Bauchi. Zan rufe mako biyu a gyara rumfa. Me zan rubuta?”

Hajiya, fara da ranar dawowa, domin ita mai karatu yake nema. Kada ki ce “nan ba da jimawa ba”. Na taɓa rubuta haka, mutane suka ɗauka na karye, wata mai sayen masar suna ta koma wani wuri har yau.

Ga misali: “Za mu dawo Litinin, 17 ga wata, da ƙarfe 7 na safe, in sha Allah. Mun rufe daga Litinin, 3 ga wata, don gyaran rumfa da murhu. Masar biki da suna tana nan daga gida: a kira wannan lamba kwana ɗaya kafin ranar, mai keke ya kai.”

In magini ya ce kwana 10, ke ki rubuta 14. Siminti sai ya bushe, kafinta kuma yakan saɓa alkawari. Ki manna kwafi a ƙofar rumfa da manyan baƙaƙe, saboda dattijon da ke biyowa bayan sallar asuba ba ya duba waya.