Auduga, lilin ko reyon: wanne zan zuba wa kuɗina?

"Malam, barka da aiki. Ina sarin yadi a Kantin Kwari in kai shagona a Agege. Bana na ɗauki reyon da yawa saboda laushinsa, amma masu saye suna dawowa da ƙorafi, wai yana manne musu a jiki idan sun yi gumi, kuma ba ya bushewa da wuri. Yanzu ina da naira 600,000 da zan yi sari. Auduga zan koma, ko lilin, ko in ci gaba da reyon ɗin?"

Hajiya, barka kadai, Allah ya sa albarka a kasuwa. Masu sayenki gaskiya suka faɗa miki, kuma dalilin yana cikin zaren kansa.

Duka ukun daga tsiro suke. Audugar kin san ta. Lilin daga karan wani tsiro ake fitar da shi, mafi yawan mai kyaunsa a arewacin Faransa da Beljiyam ake nomawa, shi ya sa yake da tsada. Reyon kuwa, wanda za ki ji wasu suna kira biskos, itace ake narkarwa da sinadarai a masana'anta a mayar da shi zare. Saboda asalinsu ɗaya, duka suna shan ruwa, ba kamar foliyesta ba, wato yadi mai roba. Bambancin shi ne yawan ruwan da kowanne yake sha, da kuma yadda yake sakinsa.

Ɗauki doguwar riga mai nauyin giram 500 a bushe. Idan aka rataye ta a ɗakin gwaji inda laimar iska take kashi 65 cikin ɗari, ta auduga za ta janyo ruwa daga iska kusan kashi 8 na nauyinta, wato giram 40. Ta lilin za ta kai wajen kashi 12, giram 60. Ta reyon tana tsakanin kashi 11 da 13. Ta foliyesta kuwa ko rabin kashi ɗaya ba ta kaiwa, giram 2 kacal. Da wannan lissafi kaɗai sai mutum ya ce reyon da lilin ɗaya ne. Amma ki jiƙa rigunan sharkaf, ki matse su a injin wanki, sai ki ga inda suka rabu. Ta auduga tana riƙe ruwa kusan rabin nauyinta, wajen giram 250, lilin ma bai yi nisa da haka ba. Ta reyon tana riƙe kusan daidai nauyinta, giram 450 zuwa 500. Zaren reyon kumbura yake yi idan ya jiƙe, ya yi nauyi, ya saki jiki, ƙananan ramukan saƙar su matse, iska ta rasa hanyar wucewa. Ruwan da ya ninka dole ya fi daɗewa kafin ya tafi.

A Kano, lokacin bazara, ba za ki lura da wannan ba, domin iskar a bushe take, gumi yana fita yana tashi, kowane yadi ki shanya kafin la'asar ya bushe. A Legas da damina laimar iska takan wuce kashi 80, iskar ta riga ta ƙoshi da ruwa, ba ta da gurbin karɓar wanda ke jikin riga. A irin wannan yanayi yawan shan gumi ba shi ne jin daɗi ba. Abin da mai sawa yake buƙata shi ne yadin da zai tsaya nesa da fata, ya bar iska ta zagaya, ya saki ruwan da ya sha. Matar da ta sa doguwar rigar reyon da safe za ta ji sanyi da laushi, wannan ba ƙarya ba ne. Amma ta shiga cunkoson mota daga Agege zuwa Oshodi, bayanta ya jiƙe da gumi, rigar ta lafe mata tun daga kafaɗa har ƙugu, kuma haka za ta yini da ita.

Lilin ya fi su duka a wannan wuri. Zarensa yana da ɗan tauri, saboda haka ko ya jiƙe ba ya lafewa a jiki, yana tsaye. Yana baza gumi da sauri a faɗin yadin, kuma yawanci saƙarsa a buɗe take, sai ya riga sauran bushewa. Matsalarsa biyu ce a wurin ɗan kasuwa, tsada da yamutsewa. Mutum ya zauna sau ɗaya, gwiwa da gwiwar hannu sun yi layi-layi. Wanda ya san lilin bai damu da haka ba, amma mai son kaftaninsa ya tsaya cak daga safe har dare zai dawo miki da ƙorafi.

Auduga tana tsakiya, kuma a kanta nake so ki fi mayar da hankali, domin a nan ne ’yan kasuwa suke ruɗewa. "Auduga ce zalla" ba ta isa zama shaida ba. Boyel mara nauyi da shadda mai kauri wadda aka danne ta da sitati duk suna iya zama auduga, amma a cikin laima ba su haɗa hanya ba. Sirara tana barin iska ta ratsa, ta bushe cikin sauƙi. Mai kauri idan ta sha gumi sai ta riƙe shi, ta yi nauyi, wani lokaci ma reyon sirara ta riga ta bushewa. Don haka kaurin yadi da irin saƙarsa suna da tasiri kamar sunan zaren. Idan dila ya san nauyin kayansa, ki tambaye shi giram nawa ne a murabba'in mita. Na ƙasar laima ki nemi wanda yake tsakanin 80 da 130. Idan bai sani ba, ɗaga yadin ki duba haske ta cikinsa, sannan ki kara shi a baki ki hura, ki ji ko iskar tana isa tafin hannunki.

Akwai wani abu game da reyon da ya fi mannewa cin kuɗi. Auduga da lilin ƙarfi suke ƙarawa idan sun jiƙe, shi ya sa suke jure cuɗa da murɗa. Reyon na yau da kullum yana rasa kusan rabin ƙarfinsa a cikin ruwa. Mai wanki ya cuɗa shi kamar atamfa, ya murɗe, ya rataye shi da nauyin ruwansa, sai ki ga ɗinkin hamata ya buɗe ko gindin rigar ya karkace. Sannan yana tsukewa. A ce kin sari yadi 50 a kan naira 3,000 kowanne, kin biya 150,000. Idan ya tsuke da kashi 6 a wankin farko, abin da kika saya a gaskiya yadi 47 ne, kowanne ya kama kusan 3,190. A wurin mai saye kuwa abin ya fi zafi: rigar da tela ya yanka inci 58 za ta koma 54 da rabi, ta ɗage daga idon sawu. Ba telan za ta zarga ba, ke za ta zarga, kuma za ta faɗa wa ƙawayenta.

Saboda haka kada ki biya kuɗin bandir sai kin sayi yadi ɗaya kin gwada a masauki. Ki zaro zare ɗaya mai tsawo, ki jiƙa tsakiyarsa da yawu, ki ja a hankali. Idan ya tsinke a daidai inda ya jiƙe, reyon ne. Idan ya tsinke a busasshen wuri, auduga ce ko lilin. Sai ki ƙona ɗan gefe da ashana a kan faranti, nesa da sauran kaya. Duka ukun suna ci kamar takarda, su bar toka mai laushi, don haka wuta ba za ta bambance miki su ba. Amfaninta shi ne tona roba: idan bakin ya narke ya dunƙule ya zama ƙwallo mai tauri, akwai foliyesta a ciki. Wannan gwaji ya zama dole ga duk abin da aka kira miki lilin a farashi mai sauƙi, domin da yawansa gaurayen roba ne ko reyon da aka yi wa gudaji-gudaji a saƙa don ya yi kama. Lilin na gaske ki dunƙule shi a hannu ki saki, layukan suna nan raɗau ba za su koma ba. Daga nan ki zana layi biyu da biro tsakaninsu santimita 50, ki wanke da sabulu, ki shanya a inuwa kusa da guntun audugar da kika yarda da ita, ki duba wanda ya riga bushewa, ki sake aunawa. Idan 50 ta koma 47, kashi 6 ke nan. Wankin yana kuma fitar da sitati da man laushi da masana'anta take sawa, waɗanda suke ɓoye ainihin halin yadi a kanti.

Ga yadda zan raba 600,000 da ni ne. Naira 350,000 a auduga sirara da matsakaiciya, domin ita ce mai tafiya kullum, maza da mata da yara, kuma tana jure irin wankin da ake yi a gidajenmu. Naira 120,000 a reyon, kada ki yar da shi, zubinsa da hasken launinsa suna da masoya. Sai dai ki sayar da shi don ɗinki mai walawa irin bubu, ba mai kama jiki ba, kuma ki fi ɗaukar mai zane, domin jiƙon gumi ya fi fitowa a kan launi ɗaya. Ki faɗa wa kowace mai saye ta jiƙa yadin ta shanya kafin ta kai wa tela, ta ƙara rabin yadi a kan abin da ta saba, ta wanke da ruwan sanyi ba murɗawa. Ƙarin rabin yadin nan ciniki ne a gare ki, kuma ya rufe bakin ƙorafi. Naira 80,000 a lilin na gaske, launi biyu ko uku masu haske, ki nuna wa ma'aikatan ofis da alhazan da suka san shi, ki ga saurin tafiyarsa kafin ki ƙara. Sauran 50,000 ki bar su don kuɗin mota da lodi da guntayen gwaji.

Idan kayan sun sauka, ki kula da ajiya. Duka ukun suna yin fumfuna a laima, kuma tabonta baƙi-baƙi ba ya fita da wanki. Kada bandir ya taɓa siminti ko ya jingina da bango, ki ɗora a kan katako. Kada ki ɗaure yadin da ya ji danshin hanya a cikin leda, ki warware shi ya sha iska tukuna. Reyon da audugar da ke da sitati su ne suke fara kamuwa, don haka su ki sa a saman kanta inda fanka take bugawa, kuma da damina ki riƙa juya su duk mako kina shinshina tsakiyar naɗin, domin wari yana riga tabo fitowa.