Turo kuɗi gida da USDT ko ta banki: wanne ya fi kawo naira?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a Jidda, duk wata nakan tura wa mahaifiyata riyal 2,000 Kano ta kamfanin tura kuɗi. Abokan aikina sun ce asara nake yi, wai USDT ya fi tsoka. Gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya yi albarka bisa wannan hidima. Abokanka suna da gaskiya a wani lokaci, a wani lokacin kuma ba su da ita, lissafi ne kaɗai zai raba gardama. Farashin da ake nuna maka a fuskar waya ba shi ne farashinka ba. Farashinka na gaskiya shi ne nairar da ta shiga asusun Hajiya, a raba ta da riyal ɗin da ya fita daga aljihunka, har da kowane caji. Da wannan ma'auni ɗaya za ka gwada hanyoyin biyu.

USDT kuɗin intanet ne da kamfanin Tether yake fitarwa tun 2014, bisa alkawarin cewa kowane ɗaya yana da kadarar dala ɗaya a ajiye a bayansa, shi ya sa farashinsa ba ya hawa da sauka irin na Bitcoin. Amma kai ba dala ke hannunka ba, Hajiya kuma ba dala za ta kai kasuwa ba. Ke nan canji biyu za a yi: ka sayi USDT da riyal, a sayar da shi a karɓi naira. A kowane ɗaya akwai mai cin riba, a tsakiyarsu kuma ga kuɗin turawa.

Bari mu buga misali. Riyal a ɗaure yake da dala a kan 3.75, wannan tabbatacce ne. Sauran alƙaluman na ƙaddara su ne don misali, kai sai ka sa na ranar da za ka tura. Mu ce dala tana naira 1,500 a kasuwa, wato riyal ɗaya naira 400. Da babu mai cire ko kwabo, riyal 2,000 zai zama naira 800,000.

Ta kamfanin tura kuɗi, mu ce sun cire riyal 20 na aiki, sauran 1,980 suka canza a kan naira 392. Hajiya za ta karɓi naira 776,160, farashinka na gaskiya ya kama 388 a kowane riyal. Lura da cewa cajin riyal 20 ɗin da kake gani a rasit naira 8,000 ne kawai. Babbar asarar tana ɓoye a cikin naira 8 da aka rage maka a kowane riyal, wadda ta kusa naira 16,000, kuma ba a rubuta ta a ko'ina. Duk kamfanin da ya ce maka ba ya cajin komai, ka duba farashin canjinsa, a nan yake ci.

Ta USDT, mu ce ka saya a kasuwar P2P, wato inda mutum yake saye kai tsaye daga hannun wani mutum a manhajar ciniki, a kan riyal 3.80. Za ka samu USDT 526.32. Ka tura ta TRC20, ɗaya daga cikin hanyoyin da USDT yake bi, an cire USDT ɗaya kuɗin turawa, saura 525.32. A ce kana da ƙani a Kano, ya sayar a kan naira 1,510, ya karɓi kusan naira 793,200. Farashinka ya zama 396.6, ka fi wancan da kimanin naira 17,000.

To amma sauya lambobi biyu kaɗai ka ga yadda labarin yake juyawa. A ce ba ka da asusun banki a can, sai ka ba wani dillali tsabar kuɗi ya sayar maka a kan 3.88, ƙaninka kuma bai iya P2P ba, ya kai wa wani ɗan canji a unguwa ya saya a kan 1,490. Abin da zai shigo naira 766,500 ne da 'yan kai, ƙasa da na kamfanin da kusan naira 9,600. Hanya ɗaya ce, amma riba ta koma asara. Kuma ka sani, farashin da ke saman jerin P2P yawanci yana da sharaɗin mafi ƙarancin adadi, ko kuma na sabon ɗan kasuwa ne da ba shi da tarihin ciniki. Ka yi lissafi da na wanda za ka yarda ka yi ciniki da shi.

Ina ganin maganar abokanka ta samo asali ne daga zamanin da ya wuce. Kafin Yunin 2023, dala a banki tana wajen naira 460, a hannun 'yan canjin Wapa kuwa ta haura 700. Farashin USDT yana bin na kasuwar bayan fage ne, don haka wanda ya bi ta nan yana samun ƙarin da ya wuce rabin kuɗinsa. A watan Yunin ne Babban Bankin Najeriya ya haɗe kasuwannin canji ya saki naira, a Janairun 2024 kuma ya cire wa kamfanonin turo kuɗi iyakar da aka sa musu wajen farashi. Daga nan tazarar ta tsuke ƙwarai. 

Ɗan bambancin da ya rage kuwa ba kyauta ake samunsa ba, domin ɗawainiyar da kamfani yake ɗauka ta dawo kanka. Abin da na fi jin tsoro shi ne asusun da naira za ta faɗa. A P2P ba ka san inda kuɗin mai saye ya fito ba. Idan na damfara ne aka kai ƙara, banki yana iya rufe asusun da ya karɓa har sai an gama bincike, wanda kan ɗauki makonni. Saboda haka kada a taɓa ba da lambar asusun Hajiya a P2P. Ƙaninka ya karɓa a wani asusu na daban, ya tabbatar sunan wanda ya turo ya yi daidai da sunan da ke kan manhajar, in ya saɓa ya mayar da kuɗin ya kai ƙorafi. Kada kuma ya saki USDT don ya ga saƙon alat ko hoton rasit. Ya buɗe manhajar bankinsa ya ga kuɗin da idonsa tukuna.

Sai batun hanyar turawa. USDT yana tafiya a kan hanyoyi da yawa, dole wadda ka zaɓa ta dace da ta mai karɓa. Adireshin TRC20 yana farawa da harafin T, na ERC20 da BEP20 kuwa duka suna farawa da 0x, a nan mutane suka fi ruɗewa. In an tura ba a janyewa, babu ofishin da za ka je ka yi kuka. Karon farko ka gwada da USDT 10, ya isa, sannan ka tura sauran.

A ɓangaren doka, Najeriya ta ɗage haramcin da ta sa wa bankuna kan hulɗa da kamfanonin kirifto, wato kuɗin intanet irin USDT, a Disambar 2023, dokar zuba jari ta 2025 kuma ta sa harkar a ƙarƙashin hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari. Duk da haka babbar manhajar cinikin kirifto ta Binance ta daina hulɗa da naira tun Maris 2024. Saudiyya kuwa hukumominta sun yi gargaɗi tun 2018 cewa ba su ba kowa lasisin wannan ciniki ba, kai kuma baƙo ne mai iƙama, banki yana iya tambayarka dalilin tura kuɗi ga mutanen da ba ka sani ba.

Shawarata, ranar albashi ka buɗe hanyoyin biyu a lokaci ɗaya ka buga lissafin nan. Idan bambancin bai wuce naira 10,000 a kan riyal 2,000 ba, ka tsaya a kan kamfaninka, ko ka gwada farashin wani kamfanin mai lasisi, don su ma suna da bambanci a tsakaninsu. Idan ya haura haka sosai, kuma kana da ƙani mai natsuwa da ya iya harkar, sai ku fara da ƙaramin kuɗi wata ɗaya ku gani.