Kada ki goge lambar, ki ba ta laƙabi

"Malam, atamfa nake sayarwa a kasuwar Sabon Gari. Ina so in kwafe bayanan shige da fice na asusuna in tura wa wani yaro da zai taya ni tantance waɗanda suka biya bashi, amma lambobin wayar mutane da na asusunsu cike suke a ciki. In na goge, ta yaya zai gane wanda ya biya?"

Hajiya, kin yi daidai da kika tsaya, domin lambobin nan amanar masu saye ce a hannunki. Abin da yaron yake buƙata shi ne ya san kuɗin da suka fito daga hannu ɗaya, kuma laƙabi ya isa ya nuna masa hakan.

A ce wata kina bin ta ₦125,000. Ran 3 ga wata ₦85,000 suka shigo, ran 9 ₦40,000, ran 15 kuma wasu ₦40,000. Idan kika share lambobin duka, dubu arba'in ɗin nan biyu sun zama tagwaye, ba mai sanin wanne ne nata. Amma idan kika maye gurbin lambarta da "Asusu A" a duk inda ta fito, ta wadda ta turo na ran 15 kuma "Asusu B", nan take zai ga na ran 3 da na ran 9 duk daga A suke, bashi ya biyu. Sharaɗin shi ne lamba ɗaya laƙabi ɗaya, daga farko har ƙarshe. Ki rubuta wane ne A wane ne B a littafinki na shago, ya zauna wurinki. Sunaye ma haka za ki yi musu. Kwanan wata, yawan kuɗi, da shiga ne ko fita, ki bar su yadda suke.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne lamba goma. Lambar waya goma sha ɗaya ce, ta asusun banki goma, sai mutum ya ɓoye ta waya ya bar ta asusu. To asusun OPay galibi lambar wayar mai shi ce aka cire sifirin farko. Wanda ya mayar da sifirin zai iya kiran mai asusun, ya ce daga shagonki ne, ta tura cikon kuɗi wani asusun. Ki duba layin bayanin kowane tiransifa ma, lambobi kan maƙale a can. BVN da NIN kuwa ba ruwansu da lissafin bashi, ki cire su ɗungurungum.

In hoto za ki tura, kada ki yarda da alƙalamin shafe rubutu na waya. Wani in an ƙara haske rubutun ƙasa yana bayyana. Baƙin akwatin da aka ɗora kan PDF ma sau da yawa ana iya kwafo abin da ke ƙarƙashinsa. Gara ki kwafe rubutun zuwa sabon shafi, ki gyara a can, ki bi shi layi-layi kina neman duk jerin lambobi goma ko sha ɗaya, sannan ki tura.