Tambaya da Amsa: Imel ɗin da ake turawa bayan taro

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni sakatariya ce a wani ƙaramin kamfani da ke shigo da kaya ta tashar Apapa. Duk Talata muna yin taro, kuma maigida ya ce in riƙa tura wa kowa imel na abin da aka tattauna. Nakan rubuta har shafi biyu, amma idan mako ya zagayo sai a tarar ba a yi komai ba, kowa ya ce bai san shi aka ɗora wa aikin ba. Ina kuskurena yake? (Mai karatu daga Agege)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Shafi biyun nan shi ne farkon matsalar, domin tsawonsa ya nuna labarin taron kike bayarwa, wane ya ce kaza wane ya musa, alhali wanda ya buɗe saƙon a wayarsa yana cikin cunkoson hanyar Oshodi zuwa Apapa abu guda yake nema: me aka ce in yi, kuma zuwa yaushe? Idan bai ga amsar a layukan farko ba, zai rufe da niyyar karantawa anjima, kuma ba zai koma ba.

Abin da ya kamata ki fara rabewa shi ne matsaya da tattaunawa. Matsaya ita ce abin da shugaban taro ya yanke kowa ya ji. Tattaunawa kuwa ita ce maganganun da aka yi kafin a kai can. Matsaya kaɗai ke shiga imel, da dalilinta a jimla ɗaya idan wanda bai halarta ba zai buƙaci dalilin. Abin da aka yi ta ja-in-ja a kai aka tashi ba a yanke ba, ki rubuta ƙarara cewa ba a yanke ba, kada ki yi masa kwalliya ya yi kama da an gama.

Amma inda aikinki yake mutuwa, a ganina, shi ne a kalmomi biyu da mu Hausawa muke ƙauna saboda kunya da ladabi: "za a" da "za mu". A ce kwantena biyu sun iso Apapa, kuɗin jinkiri na shirin fara hawa kansu, sai aka yi magana a taro, ke kuma kika rubuta: "An amince za a tuntuɓi ejan a gaggauta fito da kaya." Jimlar tana da daɗin ji, sai dai akawu zai ɗauka manaja ne zai kira, manaja zai ɗauka mai kula da sito ne, shi kuma mai sito yana jiran a ba shi umarni. Daman an ce jifa a kasuwa, kan mai tsautsayi yake faɗawa, kuma a ƙarshe mai tsautsayin ke ce da kika rubuta. Ga yadda wannan magana ɗin ya kamata ta fito, sai dai ke za ki sa sunayen mutanen a inda na sa muƙamansu:

"Matsaya: za mu fito da kwantena biyun a wannan makon ta hannun ejan ɗinmu na yanzu. Akawu zai biya kuɗin kwastan ya turo rasit kafin ƙarfe 12 na rana, Laraba 8 ga Oktoba. Manaja zai karɓo ranar fitar kaya daga ejan, a rubuce, kafin ƙarfe 4 na yamma, Alhamis 9 ga Oktoba. Mai kula da sito zai tanadi mota biyu da wurin sauke kaya kafin Litinin 13 ga Oktoba, da zarar manaja ya ba shi ranar. Ba a yanke ba: batun sauya ejan, an ɗage zuwa taron 14 ga Oktoba."

Ki lura cewa kowane aiki mutum ɗaya ne ke riƙe da shi. Ko da mutum uku za su yi shi tare, sunan ɗaya za ki sa a matsayin wanda za a tambaya, sauran ki ce masu taimaka masa ne. Ki kuma lura cewa kowane aiki ya ƙare da abin da ido zai gani: rasit, rana a rubuce, mota. "Zai bi diddigi" ba aiki ba ne, tun da mutum yana iya buga waya sau ɗaya ba a ɗauka ba ya ce ya bi. Sannan an nuna cewa aikin mai sito ya dogara da na manaja, saboda idan aka makara a san daga inda makarar ta faro.

Wa'adi kuma ya zama rana da kwanan wata, wani lokaci har da ƙarfe. "Ƙarshen mako" a ofishin da wasu ke tashi su tafi masallaci ranar Juma'a, wasu kuma ke zuwa aiki ranar Asabar, ma'ana biyu gare shi. Ki rubuta sunan watan da haruffa, domin 8/10 a wurinmu 8 ga Oktoba ne, Ba'amurke kuwa zai karanta shi 10 ga Agusta. Idan akwai abokin hulɗa a Dubai ko Sin cikin masu karɓar saƙon, ki ƙara "agogon Najeriya", saboda Dubai tana gabanmu da awa 3, Sin kuma da awa 7.

Wani abu da ba kowa ke faɗa ba shi ne, imel ba ya iya gyara taron da bai yanke komai ba. Idan aka tashi ba a ambaci wanda zai yi aiki ba, ba hurumin sakatariya ba ne ta zaɓi wani ta ɗora masa, musamman wanda ya girme ta a shekaru ko a muƙami. Mafita ita ce ki roƙi maigida minti biyar na ƙarshen taro, ki karanto abin da kika rubuta, duk inda babu suna ki ce: "Ranka ya daɗe, wannan sunan wa zan sa?" Shi ya ba da aikin, ke kin rubuta kawai, kuma wanda aka ba ya amsa da bakinsa a gaban kowa.

Ki tura a ranar taron, in ya yi nisa washegari da safe, tun kowa yana tune da abin da ya ce. Masu aiki a wuyansu su shiga layin To, waɗanda sani kawai za su yi su shiga Cc. Taken saƙon ya ɗauki sunan taron da ranarsa, kamar "Matsayar taron Talata 7 ga Oktoba da ayyukan kowa". Ki rufe da cewa duk wanda ya ga kuskure ya amsa ta Reply All kafin azahar ta gobe, in ba haka ba abin da aka rubuta shi ya zauna. Wanda kika san ba ya buɗe imel, ki aika masa layinsa ta WhatsApp, amma asalin rubutun ya tsaya a imel.

Wannan saƙo ba ya maye gurbin rubutaccen bayanin zaman daraktoci da dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta a ajiye. Wancan daban ne, da tsarinsa da sa hannun shugaba. Naki na tafiyar da aikin mako ne, don haka ranar Talata mai zuwa, kafin a shiga sabon batu, imel ɗin makon jiya za a fara buɗewa a bi shi layi-layi, wanda ya gama ya nuna rasit ɗinsa, wanda bai gama ba ya faɗi sabuwar rana ki rubuta ta nan take.